Amsar da Na Ƙi Gogewa

Aikina a kamfanin iri da taki na Gwarzo shi ne wanke bakin Manaja. Ƙanin mai kamfanin ne, shi ma yana da lambar sirrin shafinmu na Fesbuk. Da wani ya yi ƙorafi sai ya yaɓa masa magana, ni kuma in bi baya in gyara. Da albashin nan nake riƙe da kaina da Innata, don haka nake haɗiye abubuwa da yawa.

Wata damina wani dattijo daga Unguwar Tudu ya sa aka rubuta masa cewa irin masarar da ya saya a reshenmu na Kabo bai tsiro ba. Kafin in gani Manaja ya amsa da sunan kamfani: "Wanda bai iya noma ba ya koma kiwon kaji."

Innalillahi! Manomi fa, mai furfura, a gaban duniya! Raina ya ɓaci. Da na gyara a ɓoye kamar kullum, to amma an riga an ɗauki hoton amsar ana yawo da ita, kuma Fesbuk na nuna an yi gyara, duk wanda ya taɓa wajen zai ga tsohon rubutun. Sai na bar ta, na rubuta sabuwa a ƙasa: "Baba, barka da aiki, ya damina? Amsar da aka ba ku ɗazu ba ta dace ba, ku yi haƙuri. Ku turo mana lambar waya ta akwatin saƙo, ku ajiye ledar irin, za mu zo mu duba gonar."

Manaja ya shigo yana huci. "Wa ya ce ki ba da haƙuri? Kin amsa laifi ke nan! Goge ƙorafin, goge naki, ki toshe shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce irin ne da laifi ba. Bakin da ya zage shi na ce."

"Ki goge ko ki ajiye wayar kamfani."

Na tuna maganin Inna da nake saya da albashin nan, wallahi na tuna. Amma sa'an ubana ne aka ce ya je ya yi kiwon kaji. Na ajiye masa wayar a kan buhun taki na ce, "Ga ta. Yatsanka ai ba ciwo yake ba."

Ranar ya canja lambar sirrin, aikina kuma ya ƙare. Zaginsa ya goge, amma tawa amsar ya kasa taɓawa, don mutane sun cika ƙasanta da "Allah ya yi albarka".

Tana nan har yau. Na ji an ce dattijon ya zo ofis da kansa ya yi wa Manaja godiya, shi kuma ya karɓa har da sunkuyar da kai. Ya ci lafiya. Ni ɗinki nake yi yanzu, kuma ko gobe aka miƙo mini wayar nan ba zan goge ba.