Hoton Saman Kara

An sallame ni daga gadin gidan Hajiya a Kazaure saboda hoton wani fure da na tura mata ta waya.

Na zo gidan ne daga wani ƙauye a Gwiwa, bayan ruwa ya ci gonata da ɗakina a damina guda. Matata ta riga ta rasu. Hajiya ta ba ni ɗakin bakin ƙofa da tuwo sau biyu. Tsohuwar ma'aikaciyar gona ce, ta yi aiki a Jos, kuma daga can ta zo da shukar furen. Da sunanta na Turanci take kiranta, okid. Ba ta zama a ƙasa. A jikin wani guntun kututture take, an rataye shi a inuwar mangwaro ta bayan gida. Tana da karare masu gaɓa-gaɓa kamar ƙananan rake, ganye a samansu. A cikin kararen take ajiye ruwa da abinci. Saiwarta iri biyu ce: masu kauri da suka kama itacen, da wasu sirara farare da suka miƙe sama kamar tsintsiya. Ran da na fara ganinsu na ce a kawo ƙasa a rufe.

"Ba dawa ba ce, mutumin Gwiwa," in ji Hajiya. "Ka rufe su, ka kashe ta."

Tun da ta kawo ta Kazaure ba ta taɓa yin fure ba. Zafi ya yi mata yawa, ko ƙaurar ce ba ta so, ban sani ba.

Da ciwon ƙoda ya kama Hajiya, babban ɗanta ya ɗauke ta zuwa Abuja, inda ake mata wankin ƙoda. Shi ya koma biyan albashina. Kafin ta tafi ta bar mini tsohuwar wayarta, ta nuna mini inda ake danna hoto da inda ake danna murya. Duk Juma'a kafin na tafi masallaci nakan tura mata hoton wuri uku: saiwa, kara, da saman kara. Tana da dokoki. Da safe za a ɗauka, ba da fitilar waya ba. Saiwa a ɗauke ta a bushe, sannan a yayyafa ruwa a sake ɗauka. Mai rai takan juya daga fari zuwa kore. Matacciya tana nan yadda take, ruwan ƙasa-ƙasa, fanko. Kuma in ajiye tsinken ashana a gefe don ta gane girma.

Daga hoton take sanin abin da ban faɗa ba. Wata Juma'a ta turo murya.

"Malam, rijiyar gidan ta ƙafe ne? Dubi sabon karan nan, ya fara tamoji kamar fuskarka."

"Ranki ya daɗe, tsofaffin ma duk da tamoji."

"Tsoho dama da tamoji yake. Yaro ne in ya yi, akwai magana. Ko ƙishi, ko saiwa ta mutu. Saiwarka kore ce, don haka ƙishi ne. Ƙara mata ruwa da sassafe."

Na ƙara. Karan ya ciko, ya yi sumul.

Bayan an gama girbi a shekara ta biyu da tafiyarta, na ga wani abu ya ɓullo a kan sabon karan, tsakanin ganyen ƙarshe. Kore ne, siriri, bai kai tsinken ashana ba. Ranar ɗan Hajiya yana gari, ya zo duba gida. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Baba, Hajiya ta ce ran da wannan abu zai yi fure sai ta zo. Kullum maganar ke nan. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki hanya ba. Ka tura mata saiwa da kara. Saman, ka bar shi."

"In ta tambaya fa?"

"Ka ce ba labari. In ta taso saboda kai, ka nemi wani wurin."

Bai ɗaga murya ba. Ba mugun mutum ba ne, uwarsa yake ji wa tsoro. Ni kuma ba ni da wani ɗaki a duniya sai wannan.

Juma'ar da ta biyo na tura hoton wuri biyu. Ta gaba ma biyu na tura. Sai ga muryarta, a hankali, tana numfashi tsakanin magana.

"Mutumin Gwiwa, wuyanka ya sanƙare ne, ba ka iya ɗaga waya sama? Na ga karan. Ya gama tsawo, ya cika, kuben da ya lulluɓe shi ya bushe. Bakin saiwar ma ya daina tsiro, koren kansa ya rufe. Shukar da ta tsaya haka a wannan lokaci, ko hutu take, ko tana shirin fure. Ina tambayarka tsakaninka da Allah: akwai abu a sama ko babu?"

Na zauna a kan benci da wayar a hannu har aka kira salla. Ƙin tura hoto daban, ce mata babu daban. Da na dawo daga masallaci na hau turmi, na ɗauki saman, da ashana a gefe. A lokacin sandar furen ta wuce tsawon yatsa, ta fara reshe.

Ba ta taso nan take ba. Ta ce da saura. Daga nan kullum take son hoto. Ƙananan ƙulli suka fito a rassan kamar ƙwayar gero. Ta ce kada in matsar da kututturen, kada in juya shi, kada in taɓa ƙullin da hannu, in riƙa jiƙa ƙasan wurin don iska ta yi laushi. Wasu ƙullin suka yi rawaya suka zube. Ta ce bushewar iska ce, sauran za su tsaya tunda suna da ƙarfi kuma kore ne. Suka kai girman wake. Ran da ɗigo-ɗigo masu duhu suka fara nunawa ta cikin fatar na ƙasa, ta ce, "To. Na ƙasan nan sun kusa buɗewa. Share mini tsakar gida."

Yadda suka ƙare da ɗanta ban sani ba. Direba ne ya kawo ta, da ƙanwarta. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Aka sa mata kujera a ƙarƙashin mangwaron. Na ƙasan sun buɗe, rawaya da ɗigon ruwan ƙasa kamar jikin damisa, na saman ba su buɗe ba tukuna. Ta sa tabarau ta duba su ɗaya-ɗaya. Ta duba saiwar ma, ta matsa karan da yatsa.

"A hoto sun fi girma," ta ce. "Ashanarka ƙarama ce."

Ta kwana ɗaya. A hanyar komawa numfashinta ya sarƙe, aka tsaya da ita asibiti a Kaduna, ta daɗe a kwance. Ɗan ya kira ni a ranar. Ya ce in ba maƙwabci makulli da wayar. Ban yi musu ba, dama ya faɗa mini tun farko. Na ɗaure tabarmata da buta na fita.

Na ji ta tashi daga wannan kwanciyar, ta koma Abuja. Ba ni da lambarta, a cikin waccan wayar take.

Yanzu ina Ɓaɓura, ina gadin wani shagon hatsi a bakin kasuwa. A cikin shagon nake kwana, tsakanin buhuna.