Takardar Turancina Ta Mutu Ina Cikin Takaba

Wata biyu da kwana huɗu da rasuwar mijina saƙon ya shigo wayata. Ina zaune a ɗakinsa, a gidansu na Kabo, ina takaba, ruwan sama na dukan kwano. Wata jami'a ce a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin noma, ga tallafin da zai ɗauki komai, karatu zai fara watan Janairu. Shekara uku ina bin abin nan kamar kaza da fara. Na karanta sau biyu, na yi hamdala, sai idona ya kai layin ƙasa. Wai sai na kawo sabuwar takardar jarrabawar Turanci kafin ƙarshen Satumba, in ba haka ba a bai wa na bayana.

Na ce sabuwa kuma? Ta hannuna fa?

Ni malamar makaranta ce, shekara tara ina koyar da aikin gona a sakandaren 'yan mata a Gwarzo, garinmu, kuma da Turanci nake koyarwa tun daga safe har a tashi. Amma duk wanda zai fita karatu ya san bakinsa ba ya isarsa shaida, sai ya zauna jarrabawa: sauraro, karatu, rubutu da magana. Na zauna ta a Kano, na ci, na adana takardar. Na san shekara biyu take yi ta mutu, kuma daga ranar da aka zauna ake lissafi. Inda na yi wauta shi ne, na ɗauka tunda tana da rai ranar da na nemi gurbin, shi ke nan na haye. Ashe wannan jami'ar so take takarda ta kasance da rai ranar da za a shiga aji. Tawa a Disamba za ta cika shekara biyu. Janairu ake shiga aji. Sati biyar ne tsakani, sati biyar kacal!

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Turanci nono ne da zai yi tsami a ƙwarya? Na rubuta musu cikin ladabin da ban ji a zuciyata ba, na ce a duba, da Turanci na yi digirin farko, zan iya kawo wasiƙar shaida daga jami'armu. Suka amsa cikin ladabin da ya fi nawa, suka ce wasu kwasa-kwasan suna karɓar irin wannan wasiƙa, nawa ba ya ciki.

To ga inda gizo yake saƙar. Takabata sai tsakiyar Oktoba za ta cika, wata huɗu da kwana goma. Su kuma ƙarshen Satumba suke rufe ƙofa. Ko ta ina na juya lissafin, ranar jarrabawa a cikin takaba take faɗawa.

Babba a gidan yanzu yayan mijina ne, Yaya muke ce masa, ɗan kasuwar hatsi. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, tun rasuwar bai bar ni na nemi ko gishiri ba. Na aika aka kira shi, ya tsaya bakin ƙofa ta bayan labule, muka gaisa, ya yi mini ya haƙuri, na yi masa. Da na gama bayani sai ya ce, "Ki bar min, zan bincika."

Kwana biyu ya dawo da fara'arsa. Ya je wurin wani mai shagon kwamfuta a Gwarzo da ke cike wa mutane fom. "An samu mafita," in ji shi. "Akwai wadda ake yi a gida ta kwamfuta, ba sai kin taka ko zaure ba. In kuma ba ita ba, ya ce akwai mai sauƙi, janar, sai ki yi ta bayan kin fita takaba."

Na ce, "Yaya, janar ta masu tafiya zama ce ko neman aiki. Mai karatun digiri akademik ake nema a wurinsa. In na kai musu janar, kamar na kai dawa ne inda aka ce a kawo gero. Kuma bayan na fita ai an riga an rufe."

"To ta gidan fa?"

Ita kam ta ja hankalina, don ni ma ba son fitar nake ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban biya ko sisi ba sai da na sake rubuta wa jami'ar na tambaya. Amsa ta zo washegari: ba sa karɓar ta gida, sai wadda aka zauna a cibiya, gaban masu sa ido. Da na bi ta mai shago, da na zubar da kuɗi na rungumi takardar da ba ta da amfani sai ƙunshin ƙosai.

Na gaya wa Yaya. Ya ce, "To Allah bai yi ba ke nan. Wata shekarar."

"Wace shekarar?" na ce. "Wa ya ce maka tallafi yana jiran mutum?"

"Ke dai mace mai takaba ba ta shiga mota ta tafi Kano. Me mutane za su ce? A ce ƙanena ko wata uku bai yi a ƙasa ba, matarsa na can tana Turanci da maza?"

Wannan magana ta soke ni, kuma ya san ta soke ni. Amma ban yi kuka a gabansa ba. Na aika wa malamar Islamiyyarmu, dattijuwa ce da ta yi karatu mai zurfi, ta zo har ɗaki. Ta ce abin da ke cikin littafi a bayyane yake: mai takaba tana barin ado da ƙamshi, tana kwana a ɗakin mijinta, amma in buƙata ta kama tana fita da rana ta dawo. Ta ce sauran duk al'ada ce da tsoron baki. Na ce ta maimaita da ƙarfi, don surukata, Inna, tana tsakar gida tana tsince wake, kuma na san kunnenta na wurinmu. Inna ba ta ɗago ba.

Na cire 'yan kunnena na zinare daga gwangwani, da ma ba sawa nake ba, na bai wa ƙanwata ta sayar a Gwarzo. Na yi rajista da fasfona, na duba sau uku na tabbatar akademik na danna. Na zaɓi ta kwamfuta a cibiyar Kano, don sakamakonta kwanaki kaɗan yake ɗauka, ta takarda kuwa sai an yi kusan sati biyu. Na kuma nemi ranar da za a yi ɓangaren magana a yini ɗaya da sauran, don fita biyu ba za ta yiwu mini ba. Sati uku na yi ina shiri a kan tabarma. Mata masu zuwa gaisuwa su tarar da ni da abin sauraro a kunne, su fita suna taɓe baki. Wata ƙanwar Inna har cewa ta yi boko ya cinye mini tausayi. Na ce mata, "Gwaggo, tausayin yana nan, shi ne ma yake hana ni barci, amma ba zai ciyar da ni ba."

Ranar jarrabawar na fito bayan sallar asuba, gari ya fara haske, da hijabi ruwan toka, ba kwalli, ba turare, ƙanwata na biye da ni. Na durƙusa ƙofar ɗakin Inna na ce na tafi. Shiru. Na sake cewa. Shiru. Na tashi na tafi.

A cibiyar aka karɓe waya da jaka, aka duba fasfo, wata ma'aikaciya ta leƙa kunnuwana a keɓe ko na ɓoye na'ura, aka ɗauki hotona. Awa uku ba kaɗan muna zaune ba hutu. Bayan azahar aka kira ni ɗakin magana, ni da mai jarrabawa da na'urar ɗaukar murya. Wata uku rabon da in yi magana da wani ba a kan mutuwa ba. Wallahi da na buɗe baki sai na ji kamar an kwance akuya daga turke. Ya tambaye ni aikina, na ba shi labarin ɗalibaina da gonar makaranta har sai da ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

A hanyar dawowa ruwa ya tsare mu wajen Rimin Gado, mota ta mutu, direba ya shiga ƙarƙashinta. Na zauna ina kallon rana tana sauka, ina cewa a raina ko da ƙafa ne sai na kwana ɗakin nan. Mota ta tashi da ƙyar. Muka sauka Kabo ana alwalar magariba. Yaya na zaune ƙofar gida da maza wajen shida, duk suka zuba mini ido. Suna jira in rufe fuska in raɓa bango in shige kamar ɓarauniya. Na tsaya na yi musu sallama sosai, na ce, "Yaya, na dawo. Ba a kira salla ba tukuna." Ya amsa sallamar, don ba shi da yadda zai yi, ya kawar da kai.

Kwana huɗu sakamako ya fito. Maki shida da rabi jami'ar ke nema gaba ɗaya, kada kowane ɓangare ya gaza shida. Na samu bakwai, rubutu ne ya tsaya a shida cif, kamar ya ce zai faɗi ya fasa. Na tura nan take, saura kwana tara a rufe. Da jami'ar ta rubuto cewa gurbin ya tabbata nawa, ban yi guɗa ba, gidan makoki ne. Na sa kaina a filo na yi ta kuka.

Da takardar sakamakon ta iso hannuna, na ɗauka na kai wa Inna, don ban iya ɓoye-ɓoye ba. Tun ranar Kano gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba ta karanta boko, sai ta tsaya kan hoton da ke jiki, wanda suka ɗauka ranar. Ni ma a lokacin na dube shi da kyau. Ido ya faɗa, kumatu sun zube, leɓe a bushe.

"Wace ce wannan?" ta ce.

"Ni ce, Inna."

Ta daɗe tana kallo. "Haka kika tsaya gaban baƙi da mutuwar ɗana a fuskarki?"

"Haka na tsaya. Da na jira fuskar ta dawo, da gurbin ya tafi."

"Kin samu?"

"Na samu."

Ta goge ido da bakin zane, ta miƙo mini takardar. "Saura kwana nawa ki fita?"

"Goma sha tara."

"To ki kwana min su a ɗakinsa. Kada ki rage min ko ɗaya."

Ban rage mata ko ɗaya ba.