Sunan da Ke Cikin Zoben Umma

Ni mutum ce mai gaggawa, kuma ba na son a ce mini abu ba zai yiwu ba. Duk gidanmu an san ni da haka. Wannan halin ne ya kai ni ga ɗaukar zoben mahaifiyata ba da saninta ba, ranar wata Laraba, saura kwana biyu a yi kamun autarmu.

Zoben na gwal ne, mai ɗan faɗi, an jera masa ƙananan duwatsu kore da fari, kore da fari, sun zagaye shi kaf, ba gaba ba baya. Abbanmu ne ya kawo mata shi daga aikin hajjinsa na farko, tun ina goye. Bayan rasuwarsa sanyin ƙashi ya kama Umma, gaɓoɓin yatsunta suka kumbura, zoben ya daina wuce gaɓa. Sai ta naɗe shi a auduga ta sa a wani gwangwanin alawa cikin durowarta. Na sha ganinta ta ciro shi, ta gwada, ta mayar. Sai na ce a raina bari in kai a buɗa shi, ranar kamu in zura mata a gaban 'yan'uwa, a ce kai, wance akwai tunani. Gaskiya har da son a yabe ni a ciki.

Akwai wani dattijo maƙerin gwal a Gyadi-Gyadi, shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin layi, wurinsa matan unguwarmu ke kai sarƙa in ta tsinke. Na gaishe shi, na miƙa masa zoben, na ce a ƙara masa faɗi sosai, gobe zan dawo in karɓa. Ya ɗora wani ɗan gilashi a idonsa, ya daɗe yana juya zoben.

"'Yata, wannan ba irin wanda ake buɗawa a tsaye ba ne," ya ce. "Zobe in yana da fili a bayansa, nan muke yankawa mu ƙara gwal mu liƙe. Wannan ba shi da fili. Ko'ina dutse ne, kuma kowane dutse an huda masa gurbi daidai jikinsa. In aka ja gwal ɗin, gurbin zai buɗe, dutsen ya faɗo. Koren nan kuma ba ya son wuta. Sannan ga rubutu a ciki."

"Wane rubutu, Baba?"

Ya ba ni gilashin. Na kara a idona, na leƙa cikin zoben, sai ga sunan Umma da haruffan Larabci, siriri, an zana shi da hannu. Tunda nake ban taɓa jin Abba ya kama sunanta ba. "Ke" yake ce mata, in kuma da baƙi ya ce "uwargida". Irin mutanen da ne, masu kunya ko a cikin ɗakinsu. Ashe ya tsaya a gaban wani maƙeri a ƙasar mutane ya faɗi sunan, ya sa an rubuta a inda fatarta kaɗai za ta taɓa.

Dattijon ya ce akwai hanya, amma ba ta kwana ɗaya ba ce. Sai ya cire duwatsun duka, ya yanka a gefen da ba rubutu, ya ƙara gwal, ya huda sabbin gurabe, ya nemo duwatsu masu kama da waɗannan, sannan ya mayar da kowanne ɗaya bayan ɗaya. Mako guda, ko fiye. Ya ce in kuma ana so a bar shi lafiyarsa ƙalau, a zura shi a sarƙa ta rataya a wuya.

Da ina da hankali, da daga nan gida na nufa. Amma ni abin da na ji kawai shi ne "mako guda", ga kamu jibi. Na ce a raina tsufa ne ya sa shi jan jiki. Na karɓi zobena, na tare adaidaita sahu, na ce Tarauni.

A can wata ƙawata ta taɓa nuna mini wani shago mai gilasai da fitilu, mai shi mutum ne mai fara'a da saurin baki. Ko gilashi bai sa a ido ba.

"Hajjaju, wannan ai aikin minti biyar ne. Ba yanka, ba wuta. Inji gare mu."

Na ce akwai rubutu a ciki fa. Ya ce rubutu ba inda za shi. Injin wani ƙarfe ne a tsaye mai tsini, a tsage gida-gida, da mariƙi a gefe. In an zura zobe aka danna mariƙin, sai ƙarfen ya buɗe daga ciki ya tura zoben. Daga baya na san cewa zoben da ba shi da ko dutse ɗaya ake yi wa haka, shi ma kaɗan-kaɗan. Ya danna sau ɗaya, ya juya zoben, ya sake dannawa. A na uku na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka ƙwayar gero a siminti. Sai wani abu kore ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin teburin. Wani fari ya bi shi.

"Tsaya! Don Allah tsaya!" na ce, amma hannunsa ya riga ya sauka.

Da ya zare zoben, na karɓa na duba. Duwatsu huɗu babu. Sauran in ka girgiza sai ka ji suna motsi. Gefe guda ya yi siriri kamar an tsotse shi, kuma ya tsage daga gurbin dutse har ciki. Na juya shi wajen haske. Tsagar ta bi ta tsakiyar sunan, haruffan gefenta sun miƙe sun baje.

Ban yi masa masifa ba, ni da ba a taɓa ni in ƙyale. Tsoro ya hana. Na durƙusa da mayafina a ƙasan shagon mutane ina lalube cikin ƙura, ina innalillahi. Muka samo uku. Na huɗun, koren, mun same shi a fashe gida biyu. Yana ta cewa gwal ɗin ne tsoho, ni ko kallonsa ban yi ba. Na ƙulle komai a bakin mayafi na fita.

A cikin adaidaita sahu wayata ta yi ƙara, na ga Umma ce. Na tabbata ta buɗe gwangwanin. Sai da ta kusa katsewa na ɗauka, ashe cewa za ta yi in biya wajen tela in karɓo ɗinkinta. Na ce to da wata irin murya, har ta tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Komawa shagon dattijon nan ya fi mini komai nauyi. Na kwance bakin mayafin a kan tirensa. Ya duba, ya dube ni, bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

"Baba, a liƙe tsagar kawai, yadda ba za a gane ba."

"Wurin ya mutu, 'yata. Ya yi siriri da yawa, in na liƙe zai sake karyewa. Dole in yanke shi in sa sabon gwal, in goge cikin ya yi sumul don kada ya ci mata yatsa. Farkon sunan zai tsira, da harafin ƙarshe. Na tsakiya sun tafi."

"To ka sake rubuta su. Ai ka iya."

"Na iya. Amma hannuna daban, na wancan daban, mai shi kuma za ta gane. Ba zan kuma rubuta sunan baiwar Allah a kayanta ba da izininta ba. Je ki faɗa mata."

Na roƙe shi har da hawaye, ya ƙi. Ya ce zai fara cire duwatsun ya adana, sauran sai abin da ta ce.

Ranar Alhamis gidanmu ya cika da 'yan biki. Ni ce mai rabon anko, ni ce mai zuwa kasuwa, amma duk sanda Umma ta nufi ɗakinta sai in bi ta da ido. Na kasa cin abinci. Na shirya ƙarya kala-kala: in ce ya ɓata a hayaniyar biki, in yi shiru a zargi wanda za a zarga. Da na ji wannan tunanin ya zo mini, sai na ƙara tsorata, wannan karon da kaina, don gidan cike yake da 'yan'uwan da ba su ji ba su gani ba.

Bayan la'asar na same ta ita kaɗai a kan darduma. Na rufe ƙofa, na durƙusa, na faɗa mata tun daga gwangwani har ƙasan shagon Tarauni. Ina jiran faɗa, don Umma ba ta da sanyin baki in an taɓa kayanta. Ta daɗe tana kallon yatsunta.

"Kin ga abin da ke ciki?"

"Na gani, Umma."

Sai ta kawar da kai, kamar yarinyar da aka kama da wasiƙa. Shekarunta sun haura sittin, amma wallahi kunya ce na gani a fuskarta. Daga nan ta ce a gyara, in tashi in je baƙi na jira. Aka yi kamu, aka ɗaura aure, aka kai amarya Hotoro, tana amsa gaisuwar mutane da fara'a, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Bayan kwana tara muka je Gyadi-Gyadi tare, ita ta ce za ta bi ni. Dattijon ya yi aiki mai kyau. Ya ƙara gwal, ya ƙara duwatsu biyu, ya maye gurbin wanda ya fashe, in ba an nuna maka ba ba za ka gane mahaɗin ba daga waje. Ta zura, ya wuce gaɓar ba gardama. Sannan ta cire, ta karɓi gilashin ta leƙa ciki. Tsakanin farkon sunan da ƙarshensa fili ne fetal, yana ta sheƙi.

"Hajiya," ya ce a hankali, "in kin yarda, zan cike haruffan. Zan kwaikwayi hannun iya yina."

Na matsa kusa da ita. "Umma, ki yarda, don Allah. Zai koma kamar da."

Ta miƙa masa gilashinsa, ta mayar da zoben yatsanta, ta gyara mayafi.

"A bar shi haka, Malam. Sau ɗaya marigayi ya kira ni, kuma na ji."