Tafintan Kuɓewa

Ɗalha ya zo birnin Greensboro na Amurka a shekarar 1978 don karatun aikin gona. Kuɗin tallafi ya yanke a tsakiya, karatu ya tsaya, shi kuma kunyar komawa Gumel hannu rabbana ta riƙe shi. Abokan zuwansa duk suka gama suka tafi. Sababbin ɗalibai kuwa gudunsu yake, don tambayarsu ɗaya ce: yaushe za ka gama? Haka ya ƙare a kicin ɗin wani gidan abinci a titin Elm, yana feraye dankali, yana soya kuɓewa irin yadda mutanen nan ke son ta, a birkiɗe da garin masara. Sai ya yi mako bai furta kalmar Hausa ba, in ba a cikin addu'a ba.

Ana nan sai ga Malam Hudu. Dattijo ne daga Wudil, ɗansa injiniya ya ɗauko shi ya ajiye a gidansa da ke Pleasant Garden, can bayan gari, don ya huta. Ina hutu ga manomi? Ya kafta bayan gidan kaf, ya zuba kuɓewa da tumatir. Duk Juma'a ɗan yakan sauke shi da akwatunansa a ƙofar bayan kicin, ya wuce ofis a gurguje, sai an tashi ya dawo. Tsohon ko "yes" bai iya ba. Madam Earline, shugabar kicin ɗin, ta ƙwala wa Ɗalha kira.

Ɗalha ya samu aikin da yake so: tafinta. Za a yi gaisuwa tun daga gajiya har kan ruwan bana, Madam na tsaye da hannu a ƙugu. Ta tsinke kan kuɓewa ɗaya ta ji ko ta tsufa, ta taya akwati dala bakwai.

Malam Hudu ya ce, "Albarka. Gaya mata wannan da safen nan na tsinko. Ba irin ta babbar mota ba ce, da ke kwana a hanya har ta yi baƙi."

Ɗalha ya mayar da Turanci tsaf, har da gatsen. A ja, a ja, a tsaya a takwas. Tsohon ya ɗora gyaran tumatir, su biyun su zauna kan bokiti su yi ta hira har ɗan ya zo. A gaskiya Ɗalha don wannan Juma'ar yake rayuwa.

Damina ta biyu Madam ta gaji. Ta ce, "Faɗa masa ba ni da lokacin ciniki duk mako. Dala takwas akwati, daga yanzu har sanyi ya kashe shukar, ko kasuwa ta cika ko ta yi ƙaranci. Kuma sau biyu nake so, Litinin da Alhamis, kafin mu buɗe, don ta Juma'a ba ta kai mini Laraba. Ɗansa ya ajiye a ƙofa ya wuce. Ba sai tsohon ya wahala ba."

Ke nan hirar Juma'a ta ƙare wa Ɗalha. Ba wanda zai gane in ya karkata maganar. Yana iya cewa shida ta ce, tsohon ya ce albarka, a ci gaba kamar da. Ya dubi bakin dattijon, bakin da shi kaɗai ke kiran sunansa daidai a garin nan. Sannan ya faɗi abin da ta ce, bai rage komai ba.

Malam Hudu ya murza kuɓewa a hannu. "To kai ya ka gani, ɗana?"

"Baba, ciniki ne mai kyau. Watan Agusta kuɓewa banza take zama, kai kuwa kana da takwas ɗinka. Ita ma shukar tana son yawan tsinka."

"Ni ba sai na zo ba ke nan?"

"Haka ta ce."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Na sallama. Ka riƙa leƙo mu dai."

Ɗalha ya ce insha Allahu. Amma ba shi da mota, bas ba ta zuwa can, Lahadin ma aiki yake. Sau ɗaya ya buga waya, jika ya ɗauka da Turanci ya ce kaka yana gona.

Kaya dai ba su taɓa makara ba, Madam har yabon Ɗalha take. In ya iso sai ya tarar da akwatuna a jingine da ƙofa, da raɓa a jikinsu, ba kowa. A saman na ƙarshe kullum akwai ƙullin yakuwa, abin da ba mai ci a kicin ɗin sai shi. Yakan ɗauka, ya waiga ko wani na ji, ya ce, "An gode, Baba. Ya gajiya?"

Yakan ɗan dakata kafin ya kinkimi akwatin ya shiga ciki.