Ranar Uku Ko Huɗu

A shekarun da nake aiki a asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarmu, can wajen Ɗambatta, duk rani muna yi wa awaki da tumaki allurar rigakafi. Shugaban sashenmu ne ke rubuta sanarwar, sai a miƙa wa wani dattijo mai shela. Yana da babur da amsa-kuwwa ɗaure a bayansa, yana zaga kasuwanni da ƙofofin masallatai yana karantawa. Muryarsa na kai wa har bayan gari. Kuma ba ya ƙara ko harafi a kan abin da ke takarda.

Wata shekara shugaban ya rubuta cewa za a yi allura ranar 3/4, yana nufin uku ga Afrilu. Takardar ta fita a ƙarshen Fabrairu. Mai shela ya dubi sandar da ke tsakanin lambobin, ya tuna cewa a takardun ofis "ko" take nufi. Ya zaga ƙauyuka yana cewa a kawo dabbobi ranar uku ko huɗu ga wata.

Ranar uku ga Maris na iso ofis na tarar da awaki tun daga bakin titi. Mata da tsofaffi na zaune a gindin darbejiya, kowa riƙe da igiya. Maganin kuwa bai ma baro Kano ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, wani bunsuru na bina yana cin gefen rigata. Washegari waɗanda suka zaɓi huɗu suka zo. Sun fi na jiya yawa.

Shugaban ya sa aka kira mai shela.

"Baba, ina ka ga ko a nan?"

"Ga ta nan a tsaye, ranka ya daɗe."

"Wata na huɗu ake nufi."

"To, da na faɗi haka, da Rabi'us Sani za su jira."

Da ma mutanenmu da watan sama suke lissafi. Daga nan shugaban ya juyo gare ni ya ce daga yau ni zan riƙa rubuta sanarwa, tun da ni awakin suka sani.

Na rubuta ta gyara, na cire sandar, na sa sunan wata. Kafin mai shela ya hau babur na ce, "Baba, karanta mini tukuna, yadda za ka faɗa a kasuwa."

Ya gyara tabarau, ya karanta tiryan-tiryan har ya zo kan kuɗin kati. Na rubuta ₦100.00, amma injin kwafi ya cinye ɗigon.

"Kowace akuya, naira dubu goma."

Na karɓi takardata. Ya ce shi ma ya ga abin da tsada, amma ya ɗauka maganin na ƙasar waje ne.

Na zauna a kan benci na sake rubutawa da hannu, ba lamba ko ɗaya. Na sa "naira ɗari kacal". Kwanan watan na jera shi yadda baki zai faɗa: sunan ranar a gaba, sai "uku ga watan Afrilu", sai abin da ya yi daidai da shi a watan Musulunci. Lokaci kuma "ƙarfe takwas na safe", kada wani ya zo bayan isha'i. Lambar wayar ofis ita ma na mayar da ita kalmomi, sifili, takwas, haka har ƙarshe, na raba ta gida uku don mai sauraro ya samu ya riƙe. Sanarwar da a da layi huɗu ce ta cika shafi. Shugaban ya ce ta yi kama da aikin ɗan aji biyu, ya sa hannu.

Ran kasuwar garinmu na je sayen dusa, na ji amsa-kuwwa daga wajen 'yan hatsi. Na tsaya. Ya faɗi ranar daidai, ya faɗi kuɗin daidai. Da ya zo lambar waya, a tsakanin gida da gida na rubuta masa ƙaramin umarni cikin baka biyu, don shi kaɗai. Ya karanta lambobin farko, sannan ya ɗaga murya ya ce, "A numfasa a nan."

Mai dusar ya dakata da awo, ya ja numfashi, ya sauke. Wanda ke kusa da shi ma haka. Mai dusar ya tambaye ni ko wannan ma cikin sharuɗɗan allurar ne. Na ce ba dole ba ne, ya cika mini mudun.