Tashar da Ta Fi Sanyi a Watan Agusta

A shekarar da muka shiga aji biyar na sakandare a Yendi, aka kawo mana sabon malamin jogirafi. Saurayi ne daga kudu, ya zo yin hidimar ƙasa, da akwatin ƙarfe guda da keken da ya saya a hannun wani makanike. Masta muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malami namiji. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne wani ƙunshi na tsofaffin takardun jarrabawa da ya ɗinke da zare, ya yi masa bango da kwalin sabulu. Mu ɗalibai fasko muke kiran irin waɗannan takardu, kuma a lokacin samunsu a arewa sai mai rabo. A duk makarantar babu mai irin nasa, na shekaru masu yawa a jere.

Mu uku ne muke karatu tare. Ni 'yar gari ce, daga zango nake zuwa kullum da safe. Ƙawata 'yar Salaga ce, tana kwana a makaranta. Ta iya rubutu kamar ruwa, amma da ta ga lambobi sun yi layi sai ta fara muttsuka ido. Na ukunmu ɗan Bawku ne, ubansa fataucin albasa yake yi, shi kuwa lissafi a kansa yake yi kafin wani ya gama fiƙe fensir. Matsalarsa gaggawa. Ba ya karanta tambaya har ƙarshe.

Ranar Asabar da hantsi Masta yakan fito da benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke bayan aji, ya kwafe tambaya ɗaya daga ƙunshin a kan allo. Galibi jadawali ne: watanni goma sha biyu a sama, layin zafi a ƙasa, layin ruwan sama a ƙarƙashinsa, sunan garin kuma a ɓoye, sai dai a ce tashar A ko tashar B. Za a ce ka zana giraf, ruwan sama a matsayin ginshiƙai, zafi a matsayin layi mai ratsa sama. Za a ce ka haɗa ruwan shekara, ka fitar da tazarar zafi, wato ka cire na watan da ya fi sanyi daga na watan da ya fi zafi. Daga ƙarshe a tambaye ka wane irin yanayi ne wannan, a ina ake samunsa, kuma me ya sa ka faɗi haka.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ya maimaita ta har muka riƙa kwaikwayon muryarsa a hanyar famfo. Kafin ka taɓa fensir, karanta kan jadawalin, ka duba da me aka auna. Sannan ka faɗi abin da ka gani, bayan haka ka kawo dalili.

Wata Asabar ya ɗauko takarda daga can ƙasan ƙunshin, ta zamanin da ake auna ruwa da inci, zafi da Faranhait. Bai faɗa mana ba, ya dai rubuta alamar a gefe kamar yadda take a takardar. Ɗan Bawku ya riga kowa gamawa, ya miƙe ya sanar da cewa wannan gari hamada ce, domin ruwansa a shekara bai kai na wata guda a Yendi ba, zafinsa kuma ya haura digiri tamanin. Masta ya tambaye shi a natse ko mutanen garin suna da rai. Ya ce a irin wannan zafi ko ƙwai aka ajiye a inuwa zai dahu. Sai da muka yi dariya har 'yar Salaga ta zame daga benci. Da aka juya lambobin zuwa milimita da Selshiyos, hamadar tasa ta zama gari mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga ranar aka sa masa suna Digiri Tamanin, kuma shi da kansa yake amsawa.

Da hutun Ista ya gabato, jarrabawa kuma tana tafe a Mayu da Yuni, kowa ya fara roƙon Masta ya ba shi aron ƙunshin. Shugaban ɗalibai da abokansa sun je har ɗakinsa sun wanke masa keke. Ya gode musu, ya ce ba haka za a yi ba. Za a kasu rukuni-rukuni, ya ba da tambaya ɗaya, rukunin da ya fi amsawa shi zai tafi da fasko hutu.

Ranar gasar ajin ya cika har da waɗanda ba su taɓa zuwa darasin Asabar ba. Ya rubuta jadawalin tashar X. Mun duba ma'auni tukuna, mu ukun, har da sa yatsa: milimita da Selshiyos. Na zana giraf ɗin domin hannuna ya fi tsabta da rula. Digiri Tamanin ya haɗa ruwan shekara, ya sake haɗawa daga ƙarshe zuwa farko, ya fitar da tazarar zafi, 'yar ƙarama ce ƙwarai. Har nan babu gardama.

Gardamar ta taso ne a tambayar ƙarshe, wadda ta ce a faɗi ko tashar tana arewa da ikwaita ko kudu da ita. Akwai wata dabara da kowa ya haddace: idan layin zafi ya lotsa a tsakiyar shekara, wajen Yuni zuwa Agusta, to garin yana kudancin duniya, domin lokacin ne suke sanyinsu. A giraf ɗinmu layin ya lotsa a Agusta. Digiri Tamanin ya ce an gama, in rubuta kudu. Muna jin rukunin shugaban ɗalibai a bayanmu suna raɗa kalmar nan ita ma.

'Yar Salaga kuwa ta jawo takardar gabanta tana kallon ginshiƙan ruwa. Sun hau sun yi tsini a Yuni, sun sauka a Agusta, sun sake hawa a Oktoba, sannan suka kwanta kusan ƙasa daga Disamba zuwa Fabrairu.

"Wannan ba kudancin duniya ba ne," ta ce a hankali. "Na taɓa zama a irin garin nan."

Digiri Tamanin ya ce ai ba a tambaye ta inda ta taɓa zama ba. Ta ce ya bari ta gama. Tana ƙarama an kai ta wajen gwaggonta a zangon Kumasi, ta yi shekaru a can. Damina biyu suke yi, har masara sau biyu ake girbewa. A Agusta ruwa yakan ɗan tsagaita, amma gari ya wuni a lulluɓe da gajimare, rana ba ta fitowa sosai, har tsofaffi su nemi mayafi. Ta ce sanyin nan na gajimare ne, ba irin wanda dabarar take nufi ba. Ta nuna lambar da shi da kansa ya fitar, ta ce dabarar tana aiki ne inda tazarar zafi take da faɗi, a nan kuwa layin kusan a miƙe yake. Sannan ta sa yatsa a kan Disamba da Janairu.

"Dubi babban ranin nan. Lokacinmu ne. Da a kudu da ikwaita yake, da a tsakiyar shekara zai faɗo."

Shi bai yarda nan take ba. Ya ce Masta da bakinsa ya koya mana dabarar. Ta ce Masta ya kuma ce a dubi jadawalin duka, ba layi ɗaya ba. Suka juyo gare ni, domin biro a hannuna yake, lokaci kuma ya kusa cika. Na tuna cewa ko a Yendi, Maris da Afrilu ne muke kwana a tsakar gida saboda zafi, Agusta kuwa da sauƙi, alhali ba wanda ya taɓa cewa Yendi tana kudancin duniya. Na faɗa masa haka. Ya sosa ƙeya, ya ce a Bawku ma dai haka ne. Na rubuta arewa, 'yar Salaga tana jero mini dalilan ina zubawa: damina mai tsini biyu, zafi duk shekara, ƙaramar tazara, babban rani daga Disamba, yankin kurmi na Afirka ta Yamma.

Masta ya duba takardun a gabanmu, yana zaune a kan tebur yana kaɗa ƙafa. Rukunoni da yawa sun faɗa ramin da ya haƙa. Da ya zo kan tamu ya daɗe yana karantawa, sannan ya tambayi wane ne ya kawo hujjar rani. Digiri Tamanin ne ya nuna 'yar Salaga, da hannu biyu, ya ce wannan ce, shi kam ya so ya kai mu Afirka ta Kudu. Masta ya miƙa mata ƙunshin. Ta karɓa ta rungume, hawaye yana zubo mata tana dariya, ita da kullum take cewa ba ta da kan lambobi.

Sai bayan mun fito muka gane cewa fasko ɗaya ne, mu kuwa garuruwa uku za mu yi hutu. Aka yi shawarar a warware zaren a raba, Masta ya ce wanda ya taɓa zaren nan ya nemi wata makaranta. Na kai maganar gida. Innata ta ce ai abu mai sauƙi ne, su zauna a nan. Ta aika wa iyayen ƙawata saƙo ta hannun direban motar Salaga, Baba kuma ya yi magana da wani abokinsa ɗan kasuwa da ke zuwa Bawku. Ƙawata ta zauna a ɗakina, Digiri Tamanin ya sauka a zaure wajen yayyena.

Ban taɓa yin hutu mai daɗin wannan ba. Da safe mu sha koko da ƙosai, mu shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, mu buɗe ƙunshin. Muka wuce tambayoyin yanayi muka shiga na yawan jama'a, masu zane mai kama da dala, maza a hagu mata a dama, yara a ƙasa. Muka koyi zana da'ira mu yanka ta gwargwadon kaso, kowane kaso a juya shi zuwa digiri. Wani lokaci Baba idan ya sallami ɗalibansa na makarantar allo yakan tsaya a kanmu, ya nemi a nuna masa Agustan nan da ya ciyo mana fasko, ya gyaɗa kai ya wuce. Innata kuwa abin da ya dame ta shi ne ɗan mutane ya rame, kullum tana ƙara masa tuwo.

A jarrabawar, tambayar da ta fito jadawalin kayan da ƙasa ke fitarwa waje ce, aka ce a zana da'ira a yi bayani. Na ɗaga kai na hango Digiri Tamanin a layin gaba, ya sa yatsa a kan takarda yana bin kan jadawalin kalma bayan kalma. Duk mu ukun mun ci jogirafi da kyau, kuma ƙawata ce ta fi mu maki. Ita ce daga baya ta karanta fannin a jami'a ta koma Salaga tana koyarwa. Shi ya gaji ubansa a harkar albasa. In motarsa ta biyo ta Yendi yakan tsaya a ƙofar gidanmu ya sauke wa innata buhu, ya zauna a zaure a kawo masa ruwa, ya tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya.