Burtalin Malam Ilu

Na san Cynthia tun tana firamare a Gumel, lokacin da mahaifinta Ephraim ya zo daga Filato aikin gwamnati, muka zama maƙwabta. A shekarar 1999 ta dawo daga Jos da kwamfutar tace bidiyo, ta kama shago.

Ana gab da damina, manoman wani ƙauye a Sule Tankarkar suka sa Barau mai kyamara ya ɗauki Malam Ilu yana bin tsohon burtali a ƙafa, yana nuna inda gona ta tsaya da inda shanu ke wucewa. Manoma da makiyaya duk sun yarda da bakinsa. Ran Asabar za a nuna bidiyon a zaman sulhu tsakaninsu. Malam Ilu kuwa ya rasu bayan ɗaukar da 'yan makonni.

Barau ya kawo wa Cynthia kaset ɗin ta tace, ta kuma riga ta juye shi cikin kwamfuta. Ran Laraba tana cikin aiki wuta ta ɗauke. Da ta kunna, fayilolin suka ƙi buɗewa, kwamfutar ta tattaro su gutsure-gutsure, ba suna, ba tsari. Ta aika a kira Barau.

"Kawo kaset ɗin in sake juyewa."

"Wane kaset, 'yar Ifraimu? Ai na ɗora bikin suna a kansa a Maigatari. Ba kin ce kin gama da shi ba?"

"Na ce na juye, Malam Barau!"

Ta aro janareta. Kafin ta taɓa komai, sai da ta kwafe gutsattsarin zuwa wani faifan, ta yi aiki a kan kwafin. Ta ce mini a irin wannan fayil kowane hoto a tsaye yake da kansa, jerin da ke nuna wurinsa ne ya lalace, kuma ana iya sake gina shi. Haka suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba ta san wanne ke gaba ba. Barau ya ce da sassafe suka fara, suka gama rana tsaka. Sai ta jera su da inuwar Malam Ilu, daga doguwa zuwa gajera.

Yanki ɗaya ya ƙi dawowa, tsakanin tsamiya da rijiya.

"Haɗe su kawai, wa zai gane?" in ji Barau.

Ta ƙi. Ta bar gurbin baƙi ƙirin ba hoto, ta juye a sabon kaset.

Na bi su ran Asabar. Da allon ya yi duhu, ta miƙe ta faɗi abin da ya faru.  Sai Arɗon makiyayan ya dubi Mai Unguwa ya ce, "To ai da sauƙi. Ya nuna mana farko, ya nuna mana ƙarshe. Tashi mu taka sauran."

Suka nufi tsamiya, Barau na biye da kyamara.